Maganin barci ga mai ciwon hanta ko ƙoda: yadda awon da aka saba yake taruwa a jiki

Ƙwayar diyazefam mai miligiram 5, wadda kamfanin Roche ya fitar a 1963 da sunan Baliyam, tana cikin magungunan barci da kwantar da hankali da aka fi sani a Arewacin Nijeriya. Ana samun ta a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ana kuma samun ta a ƙananan kemis na garuruwan Gwaram, har samari suka laƙaba mata suna D5. Awon da aka rubuta a takardar cikin kwalinta an auna shi ne a jikin mutumin da hantarsa da ƙodarsa ke aiki daidai. Idan ɗaya daga cikin gaɓoɓin nan biyu ta gaza, ƙwayar ba ta canja ba, ƙarfinta bai ƙaru ba, amma ƙofar da za ta fita ta tsuke. Abin da aka sha jiya bai gama fita ba aka ɗora na yau a kansa, shi ya sa illar ba ta cika bayyana a daren farko ba, sai a kwana na huɗu ko na biyar, lokacin da 'yan uwa sun riga sun saki jiki da maganin.

Hanyar fitar magani

Yawancin magungunan barci suna narkewa ne a kitse, ba a ruwa ba. Wannan halin ne ke ba su damar shiga ƙwaƙwalwa cikin sauri, kuma shi ne ke hana su fita da kansu, domin ƙoda ba ta iya zubar da abin da ba ya narkewa a ruwa. Ko ta tace shi, jini zai sake tsotse shi kafin ya kai mafitsara. Saboda haka aikin ya rabu biyu. Hanta ce ke sauya maganin ya zama abin da ruwa zai ɗauka, ƙoda kuma ta fitar da shi a fitsari.

Ita ma hanta hanyoyi biyu take bi. A ta farko, wasu sinadarai na cikin ƙwayoyin halittarta suna farfasa maganin, su cire wani yanki ko su ƙara wani. Wannan hanya ce ta fi saurin lalacewa idan hanta ta ƙanƙance ta yi tabo, kuma abin da ke fitowa daga cikinta sau da yawa yana da sauran ƙarfi. Diyazefam ta nan yake bi, kuma ɗan da yake haifa, nodiyazefam, yana sa barci kamar ubansa, ya kuma fi shi daɗewa a jiki. A hanya ta biyu hanta ba ta farfasa komai, wani yanki mai kama da sukari kawai take manna wa maganin, ya zama mai narkewa a ruwa. Wannan hanyar tana jurewa har ciwo ya yi nisa. Lorazefam da okzazefam da temazefam ta nan suke bi kai tsaye, kuma wannan ne dalilin da ya sa littattafan likitanci suke fifita su ga mai ciwon hanta.

Ma'aunin da ake kwatanta saurin fitar magani da shi ana iya kiransa rabin wa'adi, wato tsawon lokacin da rabin abin da ke jiki yake ɗauka kafin ya fita. A lafiyayyen baligi, rabin wa'adin diyazefam yana tsakanin awa 20 da 50. Binciken da Ulrich Klotz da abokan aikinsa suka wallafa a 1975 ya nuna cewa a masu ƙanƙancewar hanta lokacin ya haura ninki biyu, ya wuce awa 100. Binciken ya kuma nuna abin da likitoci ke riƙewa a ka har yau: rabin wa'adin yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da shekarun mutum, kamar awa 20 ga ɗan shekara 20, kusan awa 90 ga ɗan shekara 80. Tsohon da hantarsa ta taɓu ya haɗa nauyi biyu ke nan.

Lissafin dare bakwai

Misali zai fi fito da maganar. A ɗauka wani manomi ne mai shekara 52 daga wani ƙauye kusa da Sara, wanda ya daɗe da ƙwayar cutar hanta nau'in B a jikinsa bai sani ba. Irin wannan ba baƙon abu ba ne, domin binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan kashi 8 cikin 100 na manyan 'yan Nijeriya suna ɗauke da ita, kuma allurar rigakafinta ba ta shiga jerin na jarirai ba sai 2004, bayan wannan mutum ya daɗe da girma. Cikinsa ya fara kumbura, ƙafafunsa sun yi nauyi, farin idonsa ya ɗan yi rawaya. Abin da ya fi damunsa shi ne barci: da dare idonsa biyu har asuba, da rana kuma sai gyangyaɗi a gindin bishiya. Ɗansa ya je kemis ranar kasuwa ya ce, "Baba ba ya barci," aka ba shi diyazefam, ƙwaya biyu kowane dare, miligiram 10. Awo ne da ba zai ba kowa mamaki ba.

Don sauƙin lissafi, a ce rabin wa'adin maganin kwana biyu ne a jikin lafiyayye, kwana huɗu a jikin wannan manomi. A daren farko babu bambanci, kowannensu yana da miligiram 10 a jikinsa. Kafin dare na biyu lafiyayye ya fitar da kusan 3, manomin bai kai ga fitar da 2 ba. Bayan shan na biyu, ɗaya yana da 17, ɗaya yana da 18, har yanzu tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A dare na uku 22 ne da 25. A na biyar 28 ne da 36. A na bakwai 31 ne da 44. Lafiyayye ya kusa kai maƙurarsa, domin ko zai shekara yana sha ba zai wuce kusan 34 ba, tunda a nan abin da ke fita kullum ya yi daidai da abin da ke shiga. Manomin kuwa ya tsallake wannan maƙura tun dare na biyar, kuma tasa maƙurar tana wajen 63, wadda ba zai kai ba sai bayan kusan sati uku. Randa ce mai huji a gindi da ake zuba wa kwano ɗaya na ruwa kullum: inda ruwan zai tsaya ya dogara ne ga faɗin hujin.

Lissafin nan ma ya yi wa maganin sassauci, domin bai ƙidaya nodiyazefam ba, wanda ke taruwa a gefe a hankali fiye da haka. Amma ya isa ya nuna abubuwa biyu. Na farko, da an ba manomin miligiram 5 maimakon 10, maƙurarsa za ta tsaya wajen 31, kusan daidai da ta lafiyayye a kan cikakken awo. Daga nan ƙa'idar "a fara da rabi" ta samo asali, lissafi ne, ba tsoro kawai ba. Na biyu, janye maganin ba ya kawo farkawa nan take. Idan aka tsaya a dare na bakwai, bayan kwana huɗu akwai sauran 22 a jikinsa, bayan kwana takwas akwai 11, wato fiye da abin da ya sha a daren farko. Mutanen gida sukan ce ai tun shekaranjiya aka daina ba shi, don haka ba maganin ba ne. Maganin ne.

Abin da ya wuce jinkirin fita

Hanta ce ke ƙera albumin, furotin da ke yawo a jini yana riƙe magunguna. Kusan kashi 98 cikin 100 na diyazefam da ke jini a manne yake da albumin, kuma abin da ke manne ba ya shiga ƙwaƙwalwa. Ɗan kashi 2 da ya rage sake shi ne ke aiki. A lafiyayye albumin yana tsakanin giram 35 da 50 a kowace lita. A mai ƙanƙancewar hanta yakan sauka ƙasa da 28. Idan riƙon ya sauka daga 98 zuwa 96, ido zai ga kamar ba a rasa komai ba, alhali abin da ke sake ya tashi daga 2 zuwa 4, ya ninka. Wannan na sa ko awon farko ya fi bugun mara lafiya fiye da yadda aka zata.

Akwai kuma batun hanyar jini. Duk abin da aka haɗiya, daga hanji hanta yake fara bi kafin ya shiga sauran jiki, kuma ga wasu magunguna hantar kan cinye fiye da rabi a wannan wucewar farko. Midazolam da mofin na baki suna cikinsu, an kuma yi awonsu ne da sanin za a yi wannan asarar. Idan hanta ta yi tauri, jini yakan buɗe wa kansa ɓarauniyar hanya ta jijiyoyin maƙoshi da ciki ya kewaye ta, sai maganin ya isa ƙwaƙwalwa ba a karɓi kuɗin fito ba. A midazolam na baki, abin da ke kaiwa jini yakan kusan ninka. Wannan kewayewar tana iya faruwa ko ga wanda tsutsar tsargiya mai kama hanji ta yi wa tabo a hanta, abin da ake gani a yankunan fadama da noman rani, duk da cewa gwajin jininsa na iya fitowa ba laifi sosai.

Na uku, kuma mafi haɗari, ita kanta ƙwaƙwalwar ta riga ta raunana. Hanta mai lafiya tana kwashe amoniya da sauran dattin da ke tasowa daga hanji. Idan ta gaza, dattin ya kai ƙwaƙwalwa ya danne ta, kuma dannewar tana bi ta irin hanyar da diyazefam da danginsa ke bi. A nan ne labarin manomin ya fi ciwo, domin juyewar barci, ido biyu da dare da gyangyaɗi da rana, tana cikin alamun farko na wannan ruɗewar ƙwaƙwalwa ta ciwon hanta. Rashin barcin da aka je nema wa magani shi ne gargaɗin cewa kada a ba da maganin. Abin da ya dace da shi laktulos ne, wanda ake aunawa har mutum ya riƙa yin bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku a rana, tare da neman abin da ya tayar da ruɗewar: taurin bayan gida, zubar jini a ciki, ƙwayar cuta a ruwan ciki, ko maganin fitsari da ya yi yawa.

Gane wannan hali ba ya buƙatar na'ura. Ana sa mara lafiya ya miƙa hannuwansa gaba, ya ɗaga tafuka kamar mai tsayar da mota, ya buɗe yatsu. Idan ƙwaƙwalwa ta fara dannuwa, tafukan za su riƙa faɗuwa suna dawowa kamar fiffiken tsuntsu. Ana tambayarsa wace rana ce, ko a sa ya ƙidaya daga ashirin zuwa ɗaya. Mutumin da ya yi shekaru yana lissafin buhunan riɗi a ka, idan ya tsaya a sha bakwai yana kallon ɗansa, an sami amsa.

Wahalar da ke tattare da hanta ita ce babu gwaji guda da zai ce ta rage kashi kaza. Sinadaran da ake aunawa a abin da ake kira gwajin hanta suna nuna rauni ne, ba ƙarfin aiki ba, kuma a hantar da ta gama ƙanƙancewa suna iya fitowa kusan daidai. Abin da likitoci ke dogara da shi shi ne ma'aunin Child da Turcotte na 1964, wanda Pugh ya gyara a 1973. Yana haɗa abu biyar: bilirubin mai kawo shawara, albumin, saurin daskarewar jini, ruwan ciki, da ruɗewa. Kowanne na samun maki ɗaya zuwa uku. Maki 5 zuwa 6 aji A ne, 7 zuwa 9 aji B, 10 zuwa 15 aji C. A aji B rage awo wajibi ne, a aji C kuwa ana guje wa maganin barci baki ɗaya sai da larura mai ƙarfi. Biyu daga cikin biyar ɗin da ido da hannu ake ganinsu, don haka ma'aikacin ƙaramin asibiti a Basirka ko Kila da ya ga kumburarren ciki da rawayar ido ba sai ya jira takardar gwaji ba kafin ya ƙi ba da diyazefam.

Ƙoda: inda 'ya'yan magani ke maƙalewa

A ciwon ƙoda labarin ya ɗan bambanta. Hanta tana yin aikinta, ta sauya maganin, amma abin da ta sauya ya rasa mai fitar da shi. Da dukan waɗannan 'ya'yan magani matattu ne da ba a damu ba. Wasu suna da rai.

Midazolam ne misalin da ya fi ba da mamaki, domin an san shi da gajeren zango, awa biyu zuwa uku, shi ya sa ake son sa a ɗakin tiyata da sashen kulawa ta musamman. A 1995 mujallar Lancet ta buga rahoton marasa lafiya masu gazawar ƙoda da suka daɗe ba su farka ba bayan an tsayar da shi. Da aka auna jininsu, midazolam ɗin kansa ya fita, abin da ya cika jinin shi ne ɗan da hanta ta sauya, wanda ƙarfinsa bai kai na uban ba amma yawansa ya rama. Da aka yi musu allurar da ke karya aikin wannan dangin magani, suka farka. Allura ɗaya don ɗan gajeren aiki ba ta cika kawo wannan ba. Ƙarin ruwa na kwanaki shi ke kawowa.

Mofin, duk da maganin zafi ne, yana sa barci kuma yana danne numfashi, kuma ɗaya daga cikin 'ya'yansa yana da ƙarfi kamar shi ko fiye, ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi. Fetidin ya fi muni, domin ɗansa ba barci yake sawa ba, karkarwa da jijjiga yake kawowa. Kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a maganin tari a 2018, jiki yana mayar da wani sashensa mofin, don haka ya gaji matsalar. Taramadol ma ana rage awonsa sosai idan ƙoda ta gaza. Finobabiton, tsohon maganin farfaɗiya da har yanzu ake amfani da shi a karkara saboda arha, kusan rubu'insa yana fita a fitsari ba tare da an sauya shi ba, sauran kuma sai ta hanta, ga rabin wa'adinsa kusan kwana huɗu ko a lafiyayye.

Wanda ya fi shiga gidaje a 'yan shekarun nan shi ne gabafentin da ƙaninsa firegabalin, da ake ba masu ciwon suga don zogi da ƙunar tafin ƙafa. Mutane ba sa ɗaukarsu a matsayin maganin barci, amma suna sa jiri da barci, kuma hanta ba ta taɓa su, ƙoda ce ke fitar da su ɗungurungum. Rabin wa'adin gabafentin awa 5 zuwa 7 ne. A wanda ƙodarsa ta tsaya cak yana wuce kwana biyar. Ga shi kuma mai ciwon suga da ya daɗe har jijiyoyin ƙafarsa suka taɓu, shi ne wanda ƙodarsa ta fi yiwuwa ta taɓu.

Alherin ƙoda shi ne ana iya ƙiyasta ƙarfinta da lamba. Ana auna kiriyatinin, dattin da tsoka ke fitarwa, a jini. Amma lambar ita kaɗai tana yaudara, domin mai ƙaramin jiki ba ya ƙera kiriyatinin da yawa. Lissafin Cockcroft da Gault na 1976 shi ke gyara wannan: a cire shekaru daga 140, a ninka da nauyin jiki a kilo, a ninka da 1.23 ga namiji ko 1.04 ga mace, a raba da kiriyatinin idan an auna shi a µmol/L. A ɗauki mutum biyu da takardarsu ta nuna 110. Saurayi ɗan shekara 30 mai kilo 70 zai sami kusan mililita 86 a minti. Tsohuwa 'yar shekara 70 mai kilo 45 za ta sami kusan 30. Lamba ɗaya a takarda, amma ƙodar tsohuwar tana aikin sulusin ta saurayin. Gabafentin da lafiyayye kan iya kaiwa miligiram 3600 a rana, idan tacewa ta sauka ƙasa da 30 iyakarsa ba ta wuce 600 zuwa 700 ba, kuma a kan fara da 100 da dare. Idan aka ba tsohuwar 300 sau uku a rana kamar kowa, cikin 'yan kwanaki za ta fara tangaɗi, hannunta na zabura, maganarta na sarƙewa, a gida a ce shanyewar ɓarin jiki ce ko tsufa. Mai ƙanƙancewar hanta ma yana faɗa wa wannan tarko, domin tsokarsa ta zube, kiriyatinin ɗinsa yana yi wa ƙodarsa ado.

Ƙarfin ƙoda kuma ba ya zama wuri ɗaya. Zafin bazara a kudancin Jigawa, gudawa da amai, ko kwanaki ana shan diklofenak da ibufurofen don ciwon gwiwa, suna iya sauko da ƙodar da ke tafiya da ƙyar cikin kwana biyu. Awon da mutum ya yi wata shida yana sha lafiya sai ya zame masa guba ba tare da an ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Wasu magungunan ma suna toshe hanyar farko ta hanta, irin su eritoromaisin da fulukonazol da simetidin, su mai da lafiyayyar hanta kamar mai ciwo muddin ana shan su.

Yadda ake zaɓen awon farawa

Tambayar farko ita ce ko ana buƙatar maganin. Rashin natsuwar mara lafiya a gado sau da yawa zafi ne, ko mafitsara ta cika, ko sukarin jini ya faɗi, ko iska ba ta isa, kuma maganin barci yana rufe bakin ƙararrawar ne kawai. Idan larurar ta tabbata, ana zaɓen mai gajeren zango wanda ba ya haifar 'ya'ya masu ƙarfi, kamar lorazefam miligiram rabi maimakon ɗaya ko biyu. A fara da rabin awon da aka saba ko rubu'insa, a tsawaita tazara tsakanin sha da sha, kuma a rubuta shi a matsayin awo ɗaya da za a sake dubawa, ba "kowane dare" ba tare da ranar tsayawa ba. Dalilin fifita ƙaramin awo a bayyane yake: wanda aka ba kaɗan ana iya ƙara masa bayan an ga yadda ya karɓa, wanda aka ba da yawa kuwa sai jira, kuma jiran a jikinsa kwanaki ne. Idan allura ce ta jijiya, ana tura ta kaɗan kaɗan, a dakata mintuna kafin a ƙara, domin jinin mai rauni yana jinkirin kai magani ƙwaƙwalwa, kuma mai gaggawa yakan ƙara na biyu kafin na farko ya isa.

Lorazefam ba tsira ba ne. Yana fita da kyau, amma ƙwaƙwalwar da amoniya ta danne ba ta tambayar sunan ƙwaya, yana iya jefa mai aji C cikin suma kamar sauran. Akwai kuma matsalar ajiya: allurarsa tana buƙatar firji, abin da ba kowane asibitin karkara ke iya riƙewa ba, don haka diyazefam ne ke kan kanta. Firiton da furometazin, da ake saye ba takarda don ƙaiƙayi, suna ƙara nauyi a kan duk wani maganin barci, ga shi ƙaiƙayi yana cikin abin da ya fi addabar masu ciwon hanta da na ƙoda.

Ƙa'idar rage awo tana da iyaka. Mutumin da ke jijjiga ba tsayawa ana ba shi awon farko da zai tsayar da ita, domin ƙarfin awo ɗaya ya fi dogara ga girman jiki, jinkirin fita kuwa a maimaitawa yake cizo. Abin da ake ragewa shi ne na biyu da na uku, ana tsaye a kansa da jakar hura iska a kusa. Ɗakin haihuwa ya san wannan. Jijjigar masu ciki, wadda rahoton Dakta Jamilu Tukur da abokansa na 2007 ya nuna yawanta a asibitin tarayya na Birnin Kudu, tana taɓa ƙoda da hanta a lokaci guda. Magnesiyam salfet, wanda ya maye gurbin diyazefam wajen maganinta, ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi. Ana ba da awon farko cikakke, amma kafin kowane na gaba ungozoma tana duba fitsari ya kai mililita 100 a awa huɗu, ta buga gwiwa ta ga ƙafa ta zabura, ta ƙidaya numfashi. Haka kuma wanda ya yi watanni yana shan diyazefam ba a yanke masa rana ɗaya, domin yankewar kanta na kawo jijjiga. Ana saukowa da shi mataki mataki a hannun likita.

Taruwar magani tana da alamun da mai jinya zai iya lura da su: barcin da ke ƙara nauyi kwana bayan kwana, magana kamar ta maye, tangaɗi, munshari ga wanda ba ya yi, sarƙewa da ruwa ko kunu. Ana ɗaga murya a kira sunansa, idan bai amsa ba a girgiza kafaɗa, sannan a sa ido a ƙirji a ƙidaya numfashi na cikakken minti. Ƙasa da goma lamari ne na gaggawa. Ƙwayar ido da ta tsuke kamar kan allura tana nuni ga mofin da danginsa. A kwantar da shi a gefe, kada a ɗura masa komai a baki, a tattara duk kwalaye da ƙullin ledar magani, har da na gargajiya, a tafi da su asibiti.

A asibiti akwai makari biyu: fulumazenil ga dangin diyazefam, naloksan ga dangin mofin. Dukansu gajeren zango gare su, kamar awa ɗaya, alhali abin da suke karyawa yana da sauran kwanaki a jiki. Mara lafiya kan buɗe ido ya gaisa da 'yan uwa, a yi hamdala, bayan awa biyu ya koma inda ya fito, don haka farkawar farko ba dalilin sallama ba ce. Fulumazenil yana iya tayar da jijjiga ga mai farfaɗiya ko wanda ya daɗe yana shan maganin, kuma ba ko'ina ake samun sa ba. Wankin ƙoda yana kwashe gabafentin da finobabiton da 'ya'yan mofin, amma ba ya taɓa diyazefam, domin abin da ke manne da albumin ba ya ratsa matatar injin. Ga irin manomin nan na Sara, abin da ya rage shi ne iska ta hanci, laktulos ta bututu idan ba ya iya haɗiya, juya shi a gado kowace awa biyu, da kwanakin da hantarsa za ta ɗauka tana fitar da rabi bayan rabi.